Wasiƙar Neman Izinin Taro: Tambayoyin Da Na Gaji Da Amsawa

Za mu yi taro a filin jama'a. Dole ne sai mun rubuta wasiƙa? Ai mun gaya wa wani jami'i da baki, ya ce ba komai.

Dole ne. Ranar da wani ya faɗi ya karye, ko maƙwabta suka kai ƙara, wannan "ba komai" ba za ka iya zaro ta daga aljihu ka nuna ba. Shi ma jami'in zai ce bai tuna ba. Rubuta.

Wa za mu rubuta wa?

Hukumar da filin ke hannunta. Ka rubuta sunan muƙami, kada ka rubuta sunan mutum, don ana iya yi masa canjin wurin aiki wasiƙarka tana kan tebur. Ka aika kwafi ga 'yan sandan yankin da ma'aikatan kashe gobara. Idan filin na wani ne daban, izininsa daban, ka haɗa takardarsa.

Na rubuta cewa "za mu tabbatar da tsaro da tsafta yadda ya kamata". Bai isa ba?

Malam, wannan jimlar ta fi komai ɓata mini rai. Kowa ita yake rubutawa, kuma ba ta ce komai ba. Wanda zai sa hannu yana tunanin wuyansa ne: idan abu ya ɓaci, wa zai kira, kuma me aka yi alkawari a rubuce? Ka ba shi suna, adadi da lokaci. Ka ce masu kula da jama'a 20 ne, sanye da riga mai kala ɗaya, shugabansu wane, ga lambar wayarsa. Ka ce masu agajin gaggawa suna rumfar da ke kusa da ƙofar gabas, an kuma bar hanyar da motar asibiti za ta shigo. Janareta yana bayan shinge, da tukunyar kashe gobara a gefensa, wayoyin wuta an rufe su don kada su harɗe ƙafar wani. Haka ake rubuta alkawari.

Ba mu san mutum nawa za su zo ba, taron na kowa da kowa ne. Wane adadi za mu sa?

To, wannan tambaya ce. Zauna.

Mutane kan yi ɗayan biyu. Wasu su rage adadin don kada a ɗora musu sharuɗɗa, wasu su zuga shi don a ga taronsu babba ne. Mai ragewa shi ya fi shiga uku, domin izinin da ya samu na mutum 300 ne, idan aka ga 1,000 a fili ana iya dakatar da taron ana tsaka da shi, kuma laifin komai a kansa. Mai zugawa kuwa sai a nemi ya kawo ban ɗaki da ma'aikatan da ba zai iya biya ba.

Ni dai shawarata, ka rubuta adadi biyu: wanda kuke tsammani, da iyakar da ba za ku bari a wuce ba. Na farkon hasashe ne, ba wanda zai kama ka a kansa. Na biyun kuwa lissafa shi ake yi daga filin kansa.

Bari mu ɗauki fili mai tsawon mita 40 da faɗin mita 30, wato murabba'in mita 1,200. Ka cire wurin dandamali, rumfuna, janareta da hanyoyin wucewa, a ce 400. Saura 800. Ma'aunin da aka fi amfani da shi ga jama'ar da ke tsaye shi ne mutum 2 a kowane murabba'in mita, ka ga 1,600 ke nan. A nan yawancin mutane suke ajiye biro, kuma a nan suke kuskure, don ba su dubi ƙofa ba.

A ce filin yana da katanga da ƙofa biyu, ɗaya mita 2, ɗaya mita ɗaya da rabi. A lissafi ana ɗauka cewa babbar ta toshe, tunda wuta ko rigima ba ta zaɓen inda za ta tashi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, faɗin mita ɗaya yana fitar da mutum kamar 80 a minti guda. Ƙaramar ƙofar za ta fitar da 120 a minti. Idan ma'aikatan kashe gobara suka ce a iya kwashe kowa cikin minti 8, adadinka 960 ne. Tsakanin 1,600 da 960, ƙaramin za ka ɗauka, har ma ka rage ka rubuta 900.

Amma kada ka riƙe waɗannan alƙaluma kamar an sassaƙa su a dutse. Mintocin nan hukumarku ce za ta faɗa, tana iya cewa 5, sai adadin ya sauko 600. Idan akwai matakala a bakin ƙofa, fita na raguwa. Idan za a jera kujeru, ko yara da tsofaffi sun yi yawa, ko taron zai kai dare, ka ƙara ragewa. Filin da ba shi da katanga kuma matsalarsa daban ce: fita ba wuya, sai dai ba ka da yadda za ka hana shiga, don haka ko ka kewaye shi da shingen wucin gadi, ko ka faɗa a wasiƙar cewa a buɗe yake, ka nemi su ba da shawara. Ba abin kunya ba ne, sun fi son wanda ya tambaya.

Sannan ka faɗi abin da za a yi idan an cika. Mutum biyu suna ƙirga masu shiga da masu fita, an kai 900 a tsayar da shiga. Idan kuna son fiye da haka, ƙara ƙofa za ku yi, ba ƙara lamba a takarda ba.

Sai mun haɗa da zane?

E. Ko da biro ne a takarda ɗaya. Ƙofofi, dandamali, ban ɗaki, wurin ajiye motoci.

Batun shara fa? Ai akwai masu sharar hukuma.

Ba don taronka aka ɗauke su aiki ba. Ka rubuta kwandon shara nawa za a ajiye, su wa za su share, ƙarfe nawa za a gama, da inda za a kai sharar. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa, sai a tara buhuna a bakin ƙofa a tafi, dabbobi su yayyaga su kafin safiya. Kada kuma ka yi alkawarin gamawa a daren idan taro zai tashi ƙarfe 10, masu sa kai duk sun watse a lokacin. Ka ce kafin 12 na rana washegari, ka cika. Ka ɗauki hoton filin kafin a kafa komai, musamman inda ya riga ya lalace, ka nemi jami'i ya zo ku duba tare bayan an gama. Idan sun karɓi kuɗin ajiya, hotunan nan ne za su dawo maka da su.

Taron jibi ne, zan iya kai wasiƙar gobe?

Haba dai. Makonni ake bayarwa, kuma kowace hukuma da wa'adinta. Je ka tambaya tun kafin ka buga sanarwa.

Mun kai mako biyu ke nan, shiru. Mu ɗauka sun yarda?

A'a. Kwantar da hankalinka, yawanci takardar tana jiran sa hannu ne, ba ƙi aka yi ba. Ɗauki kwafinka da aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata, ka koma ofishin da ƙafarka, ka tambayi teburin da take. Idan ba ka sa an buga maka hatimi ba ranar da ka kai, to sake bugo wata, wannan karon kwafi biyu.