Sai Kowane Bidiyo Ya Zama Na Sallah?

Malam, ni tela ne a Sakkwato, ina ɗora bidiyo uku a mako a TikTok. In azumi ya kama, duka zan mayar da su na Sallah?

A'a, ƙanena. Daga tsakiyar Sha'aban zuwa ranar Idi mako shida ne, wato bidiyo 18 ke nan. Shida kacal za ka ba Sallah, sauran ka bar su ga aikinka na kullum: ɗaukar awo, yankan wuya, gyaran keke in yana tsinke zare.

Inda ake tafka kuskure shi ne lokaci. Mai ɗinki ba ranar Sallah yake neman tela ba, ranar yana Fakon Idi da sabuwar rigarsa. Tun kafin a ga watan azumi yake lissafi. Don haka bidiyo biyu su fita a Sha'aban: ɗaya ka shimfiɗa shadda a tebur ka nuna yadda yadi biyar ke fitar da kaftani da wando na babban mutum, ɗaya ka faɗi ranar da za ka rufe karɓar ɗinki. Uku su zo cikin goman farko da ta tsakiya, kana nuna aikin da ya kammala. Na shida gaisuwa ce. Ka ɗauke ta da wuri ka ajiye, don a goman ƙarshe ko barci ba ka samu, balle riƙe waya. Kada kuma ka ambaci rana a ciki. Wata kan yi 29 ko 30, sai fadar Sarkin Musulmi ta sanar.

Jadawalin bara zai yi mini bana?

Ba zai yi ba. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana goma ko sha ɗaya, shi ya sa Sallah ke matsowa kowace shekara, alhali komawa makaranta tana nan a Satumba. Ka rubuta kalandar biyu a takarda guda. Babbar Sallah kuwa kimanin kwana 70 ce bayan ƙarama.

Ta yaya zan gane na cusa biki da ƙarfi?

Ka cire gaisuwar bikin ka sake kallo. In abin da ya rage yana koya wa mutum wani abu, ɗora shi. In ba abin da ya rage sai kai da almakashi kana murmushi, a bar shi. Ranar 1 ga Oktoba ba ta kawo maka ko ɗinkin aljihu, ka ƙyale ta. Amma mako biyu kafin a koma makaranta iyaye na neman mai yunifom, nan ka nuna yadda kake barin lanƙwasa a ƙafar wando don a warware in yaro ya ƙara tsawo.