Raha da kunya a wasannin barkwanci kan iyali da aure

Wasan barkwanci kan iyali shi ne gajeren wasan kwaikwayo da ake shiryawa don ban dariya, wanda jigonsa ke fitowa daga zaman gida: iyaye da 'ya'ya, kakanni da jikoki, surukai, kishiyoyi, da al'adun biki tun daga kai kuɗin gaisuwa har zuwa sayen baki. A yau yawancin irin waɗannan wasanni da waya ake ɗaukar su, ba sa wuce minti ɗaya zuwa uku, kuma ana sakin su kai tsaye a TikTok, Facebook ko YouTube. Babbar matsalar mai shirya su ita ce, mutanen da suka fi ba da abin dariya a cikin gida su ne kuma waɗanda al'ada da addini suka fi wajabta girmamawa. Sai dai al'adar Hausawa ba ta bar wannan lamari kara zube ba, domin tun kafin zuwan kyamara ta riga ta fayyace wanda ake wasa da shi da wanda ake jin kunyarsa.

Abokan wasa da abokan kunya

A cikin dangin Bahaushe akwai dangantakar da aka gina a kan tsokana. Jika yana wasa da kakarsa har ta kira shi mijinta ko maigida, ta yi ƙorafin bai kawo cefane ba, shi kuma ya ce ya sake ta saboda ta tsufa, kuma babu mai ɗaukar wannan a matsayin rashin tarbiyya. Taubasai, wato 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, suna zolayar juna har girma, a wasu garuruwa ma da karɓar kuɗin shara a watan Muharram. Ƙanen miji yana wasa da matar wansa, ƙanwar mata tana wasa da mijin yayarta. Haka abin yake tsakanin al'ummomi, kamar Kanawa da Zazzagawa, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, ko Fulani da Barebari. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2014.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai dangantakar kunya. Suruki ba ya haɗa ido da surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa, kuma idan sun yi kiciɓis a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Uwa tana alkunyar ɗan farinta, ba ta kiran sunansa. Matar gargajiya ba ta ambatar sunan mijinta, kuma idan aka raɗa wa yaro sunan kakansa sai a sakaya shi da laƙabi irin su Abba ko Baffa don kada iyayensa su riƙa kiran sunan mahaifinsu gatsal. Mai kallo Bahaushe yana ɗauke da wannan tsari a kansa ko da bai taɓa tsayawa ya lissafa shi ba, shi ya sa magana ɗaya tak za ta ba shi dariya idan ta fito daga bakin jika, ta kuma ɓata masa rai idan ɗa ne ya faɗa wa mahaifinsa.

Abin da wasannin gargajiya suka riga suka yi

Tashen watan azumi, wanda yara ke farawa bayan azumi ya kai kwana goma, ya daɗe yana taɓa waɗannan batutuwa. A wasan Tsoho da Gemu yaro yana liƙa gemun auduga, ya ranƙwafa ya dogara sanda, ana dariyar tafiyarsa, amma abin da ake nema a wurin masu gida shi ne a tausaya wa tsohon a taimake shi. 'Yan mata suna kwaikwayon zaman aure a wasan Mairama da Daudu. A Kano kuma akwai tashen gwauro na Nalako, inda ake zolayar mazan da ke zaune babu mata. Abin lura a nan shi ne, waɗannan wasanni suna da lokacinsu, suna da wurinsu, kuma wanda ake tsokana ya san masu tsokanarsa da iyayensu. Bidiyon waya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan shingaye: yana isa ga wanda bai san mai wasan ba, a kowane wata, kuma ana iya yanke daƙiƙa goma sha biyar daga tsakiyarsa a yaɗa ba tare da ƙarshen da aka yi gyara a cikinsa ba. Saboda haka tsohuwar dabarar masu wasan kwaikwayo, ta barin yaro ya yi rashin kunya sannan ya gamu da sakamakonsa a fitowa ta ƙarshe, ba ta cika yin aiki a gajeren bidiyo ba. Dole kowane yanki na wasan ya iya tsayawa da ƙafarsa.

Misali: ango da surukinsa a teburin mai shayi

A ɗauka za a shirya wasa na minti ɗaya da rabi. Sabon ango yana zaune a teburin mai shayi da dare, yana cika wa abokansa baki cewa shi a gidansa zaki ne, ko iyayen matarsa ba sa ɗaga masa murya. Kyamara tana ja baya a hankali, sai ga surukinsa zaune a ƙarshen benci yana jiran a dama masa shayi. Abokan sun gani sun yi tsit, ango bai gani ba, ya ci gaba. Da ya waiga, burodi na bakinsa, sai ya zame daga benci ya durƙusa, ya tuɓe takalmi ɗaya ya manta ɗayan, ya ce, "Baba, ina kwana," alhali an idar da sallar isha'i. Dattijon ya amsa a natse, "Lafiya lau. Tashi ka ƙarasa shayinka," ya biya kuɗin teburin gaba ɗaya ya tafi.

Duk dariyar wannan wasa daga kunyar kanta ta fito. Dattijon bai faɗi ba, ba a mayar masa da magana ba, hasali ma shi ne ya fi kowa iya barkwanci a wurin, da kawaicinsa. Wanda ya ji jiki shi ne yaro mai cika baki, kuma duk inda aka yanke bidiyon, hoton da zai rage shi ne na ango a durƙushe. Da za a juya labarin, a mai da surukin makwaɗaici mai cin ƙwai bisa kuɗin ango, har angon ya gaji ya kira shi tsohon banza a gaban jama'a, to za a iya samun masu kallo da yawa, amma ba dariya ɗaya ba ce. Ta farko dariyar wanda ya gane kansa ce, ta biyu kuwa ta ganin an ci mutuncin babba ce, kuma ita ce ke jawo Allah wadai.

Wannan ba ya nufin manya sun fi ƙarfin suka. Akwai surukai masu kwaɗayi, akwai uwar miji mai takura wa matar ɗanta, akwai iyaye masu tsawwala kayan aure, kuma barkwancin da ya kauce wa waɗannan gaba ɗaya ya zama lami. Dabarar ita ce a sa maganar a bakin wanda al'ada ta ba izinin faɗin ta. Idan ana so a soki tsadar lefe, a nuna gwaggon amarya tana ƙirga turamen atamfa tana taɓe baki cewa akwati shida sun yi kaɗan; amma kada amarya ko ango su tanka mata. A bar taubashiyarta ko wata tsararta ta tuna mata cewa nata lefen a kwalla ɗaya aka kawo shi, har da sauran wuri. An soki halin, an yi dariya, kuma babu yaron da ya ɗaga wa babba murya. Kaka ma tana da irin wannan dama, domin ita kaɗai ce za ta iya tsawata wa uban gida a gaban 'ya'yansa a yi dariya.

Wuraren da ake yawan tuntuɓe

Al'adun biki ba matsayinsu ɗaya ba. Kamu, sa lalle, sayen baki, jere da cinikin ƙawayen amarya da abokan ango, dama can da raha ake yin su, don haka suna ɗaukar wasa sosai. Ɗaurin aure kuwa, da sigarsa da waliyyi da shaidu, hukuncin addini ne, haka ma saki. Akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito cewa abubuwa uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, saki da kome. Wannan ya fi shafar ma'auratan gaske da ke fitowa tare a bidiyo a matsayin miji da mata, abin da ya yawaita a 'yan shekarun nan. Mai hankali daga cikinsu yana kauce wa furta lafazin saki ga matarsa ko da a cikin wasa ne, ya nuna rabuwar ta wata hanya, kamar fitowa da akwati ko isowar 'yan biko.

Wuri na biyu shi ne aikin tacewa bayan an gama ɗauka. Sau da yawa rubutun wasan ba shi da aibi, amma mai haɗa hoto ya ɗora ƙarar dariya daidai lokacin da tsoho ya yi tuntuɓe, ko ya maimaita faɗuwarsa sau uku, ko ya matso da kyamara kan giɓinsa. A nan abin dariyar ya tashi daga halin mutum ya koma kan tsufansa, wanda ba shi ya ɗora wa kansa ba. Hanya mai sauƙi ta gane haka ita ce a kashe sauti a kalli bidiyon, a ga fuskar wa aka bari cikin wulaƙanci a hoton ƙarshe.

Na uku shi ne sanya dattawan gaske. Matashin da ya yi shigar tsoho kowa ya san wasa yake yi, amma kakar da aka tsorata ko aka yi wa ƙaryar mutuwar wani don a ɗauki firgitarta ba wasa take yi ba, kuma sau da yawa ba ta san yawan mutanen da za su gan ta ba. Izinin wasa tsakanin jika da kaka na tsakar gida ne, bai haɗa da nuna ta ga duniya ba tare da yardarta ba.

Ta fuskar hukuma, Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a shekarar 2001, kuma finafinai suna bi ta hannunta kafin a sake su. Gajeren bidiyon waya yawanci ba ya bi ta wannan ƙofa, don haka idan magana ta taso, bayan ya yaɗu ne take isa ga Hisbah ko kotu. Kafin nan ma hukuncin da ya fi saurin zuwa na cikin gida ne, domin bidiyon yakan shiga zauren WhatsApp na dangi tun ranar da aka sake shi, kuma surukan mai wasan suna cikin masu kallo.