Tarin safe na mai shan sigari: abin da ke faruwa a cikin ƙirji

Babban mutum yana shaƙar iska kimanin lita 10,000 a rana, tare da ƙurar hanya, ƙwayoyin cuta da duk abin da hunturu ya kwaso. Abin da ke hana wannan datti isa cikin huhu shi ne majinar da ke shafe a bangon hanyoyin iska, tun daga hanci har ƙananan bututun ƙirji. Hawa biyu ce: ta sama mai yauƙi wadda ƙura ke maƙalewa a jikinta, ta ƙasa kuma ruwa-ruwa.

A cikin wannan ruwan na ƙasa akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, likitoci na ce musu siliya. Ƙwayar halitta guda tana ɗauke da kusan 200, kowanne yana kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa. Suna kaɗawa ne bi da bi, kamar shinkafa a fadama idan iska ta bi ta kanta, kuma duk wuri ɗaya suka nufa, wato maƙogwaro. Da haka majina ke hawowa a hankali da dattin da ta kama, mutum ya haɗiye ba tare da ya sani ba, ruwan ciki ya kashe yawancin ƙwayoyin cutar. Shi ya sa mai lafiya ba ya yini yana kaki. Tari kuwa na ko-ta-kwana ne. Idan abu ya fi ƙarfin gashin nan, jijiyoyin maƙogwaro su kai saƙo ƙwaƙwalwa, mutum ya ja numfashi, ƙofar maƙogwaro ta rufe, tsokokin ciki da na ƙirji su matse, sai ƙofar ta buɗe iska ta fito da ƙarfi ta yi waje da abin.

Yanzu a ɗauki magidanci, direban mota, wanda ya shekara ashirin yana shan sigari. Hayaƙin kowane kara yana ɗauke da guba da ke rage saurin kaɗawar gashin. Da tafiya ta yi nisa sai gashin ya gajarce, wani ma ya kakkaɓe. A lokaci guda kuma bangon bututun, saboda zafin hayaƙin, yana ƙara yawan ƙwayoyin da ke yin majina, majinar ta yi kauri. Kaya ya ƙaru, masu ɗauka sun ragu. Da dare, sa'ad da yake barci ba ya shan komai, kaki yana taruwa, sauran gashin da ya rage ya ɗan farfaɗo ya fara turo shi sama. Asuba na yi, kafin ya gama alwala, sai tari ya turnuƙe shi har sai ya tofar da kaki mai kauri. Mutane su ce ai tarin masu taba ne, ya saba. Ni dai ba na yarda da wannan magana, domin tarin nan shaida ce cewa ƙirjin ya kasa share kansa, sai da taimakon tari.

Majinar da ta kwanta wuri ɗaya kuma ƙwayoyin cuta na hayayyafa a cikinta. Murar da za ta bar maƙwabcinsa cikin mako guda, shi sai ta sauka masa a ƙirji, kaki ya koma ɗorawa ko kore, wani lokaci har ta zama namoniya. Idan tari mai kaki ya kai wata uku a shekara, shekara biyu a jere, an shiga ciwon kumburin hanyoyin iska mai daɗewa.

Ba sigari kaɗai ba. Shisha ma haka take yi, ruwan tulun ba ya tace gubar. Uwar da ke tuƙa tuwo da ɗanyen itace a ɗakin girki marar taga, da goyo a bayanta, ita da jaririn hayaƙi ɗaya suke sha. A yi girki a fili ko a buɗe taga, a busar da itace, a sauke yaro a ba wani ya riƙe shi nesa da murhu.

Kuskuren da muke yawan gani shi ne sayen maganin danne tari a kemis. Mai kaki a ƙirji idan ya danne tarinsa, ya toshe hanyar da ta rage masa. Ya sha ruwa isasshe don kakin ya yi laushi, kuma ya je asibiti a duba shi. Tarin da ya kai mako biyu yana buƙatar gwajin tarin fuka, wanda ake yi kyauta a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya. Jini a kaki, rama, zufar dare ko haki a ɗan tafiya kuwa, ba a kwana da su.

Wanda ya daina sigari yakan ga tarinsa ya ƙaru a makonnin farko, har ya ce gara da yana sha. Gashin ne ya soma tsirowa yana kwashe abin da ya taru, kuma tsakanin wata ɗaya zuwa tara tarin kan ragu sosai. Amma ƙananan jakunkunan iska da ke can ƙarshen huhu, idan hayaƙi ya riga ya yayyaga su, ba sa komawa yadda suke. Don haka mai tarin safe kada ya jira sai haki ya fara kafin ya ajiye taba.