Zuƙewar data a bayan fage: sabuntawa da ajiyar gajimare

Zuƙewar data a bayan fage ita ce cin data da waya ko kwamfuta ke yi ba tare da mai ita ya buɗe wata manhaja ba. Abubuwa biyu ne suka fi haddasa ta. Na farko sabuntawa, wato na'ura ta sauko da sabon zubin manhajojinta ko na babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Na biyu ajiyar gajimare, wato ɗora kwafin hotuna, bidiyo, saƙonni da takardu zuwa ma'ajiyar kamfani irin su Google Photos, iCloud da OneDrive. An tsara duka biyun su yi aiki shiru, lokacin da na'urar ke ajiye, shi ya sa mai ita ba ya ganin komai sai saƙon cewa data ta ƙare.

Tushen matsalar

Masu ƙera waɗannan manhajoji sun raba intanet gida biyu: datar layin waya, wadda ake biya gwargwadon abin da aka sha, da Wi-Fi, wanda suka ɗauka ba shi da iyaka. Saboda haka manyan ayyuka kan jira sai na'ura ta hau Wi-Fi, sannan ta saki jiki. Wannan zato ya dace da gidan da ke da intanet na wata-wata marar iyaka. Bai dace da wanda Wi-Fi ɗinsa daga MiFi yake fitowa ba, ko daga Hotspot na wata wayar, kamar yadda ake yi a shaguna da ƙananan ofisoshi da gidaje da yawa a Najeriya da Nijar. A nan Wi-Fi ɗin ma datar layi ce da aka saya da kuɗi, amma kwamfutar ba ta san haka ba sai an gaya mata.

Akwai ɗan sauƙi a wasu lokuta. Wayar Android kan gane Hotspot na wata Android ɗin, ta ɗauke shi a matsayin mai iyaka. MiFi kuwa da rauta mai ɗaukar layin waya galibi kamar kowane Wi-Fi ake ganinsu. Wannan shi ne ramin da data ta fi zurarewa.

Girman abin ya fi yadda ake zato. Gudun 1 Mbps yana kwashe kimanin MB 450 a awa ɗaya, don haka layin da ke ɗorawa da gudun 5 Mbps zai cinye GB 2.25 a awa. Bidiyo ne uban nauyi. A ƙiyasin da iPhone ke nunawa a saitin kamararsa, minti ɗaya na bidiyon 1080p mai hoto 30 a daƙiƙa kusan MB 60 ne, na 4K kuma kusan MB 170.

Alamomi

Ƙarewar data da wuri ita ce alamar da kowa ya sani. Ta biyu ba a cika lura da ita ba: intanet ya yi nauyi alhali sabis a cike yake. Ajiyar gajimare ce ta fi kawo wannan, domin ɗorawa take yi, hanyar ɗorawa kuma ta fi ta saukewa ƙunci. Ko shafi mutum zai buɗe, sai na'urarsa ta aika buƙata, ta kuma riƙa aika 'yan ƙananan saƙonni na tabbatar da abin da ya iso. Idan bidiyo ya cika hanyar, waɗannan saƙonni sai sun bi dogon layi. Sakamakonsa kiran WhatsApp yana yankewa, shafi yana daɗewa kafin ya fara buɗewa, kuma duk wanda ke kan MiFi ɗin abin zai shafe shi, ba mai bidiyon kaɗai ba.

Lokaci ma yana tona asiri. Idan data na raguwa cikin dare, a zargi ajiya, domin iCloud Backup yakan jira waya ta kasance a kulle, tana caji, tana kan Wi-Fi. Idan kuma abin na faruwa wajen tsakiyar wata a kan kwamfuta, a tuna Microsoft na fitar da sabuntawar tsaro ta Windows a Talata ta biyu ta kowane wata.

Yadda ake ganowa a waya

A Android ana shiga `Settings`, sai `Network & internet` ko `Connections` gwargwadon ƙirar wayar, sannan `Data usage`. Jerin yana nuna manhajoji daga wadda ta fi sha. Idan aka taɓa ɗaya, za a ga lamba biyu: `Foreground`, abin da ta sha tana buɗe, da `Background`, abin da ta sha a ɓoye. Manhajar da ɓoyenta ya fi fili ita ake nema. Kuskuren da aka fi yi shi ne a duba lissafin layin waya kawai a ga ba komai. Mai amfani da MiFi lissafin Wi-Fi zai duba, wanda yake a shafi na dabam.

A iPhone lissafin yana `Settings` sannan `Cellular` ko `Mobile Data`, kuma sabuntawa da wasu ayyukan iCloud suna ƙarƙashin `System Services`. Yana da naƙasu biyu. Lambar `Current Period` ba ta komawa sifili da kanta a yawancin layuka, tana iya zama tarin shekara guda, don haka sai an danna `Reset Statistics` a jira kwana ɗaya kafin ta yi ma'ana. Sannan iPhone ba ya nuna abin da kowace manhaja ta sha a kan Wi-Fi. Wannan giɓi ne babba, kuma shi ya sa a kan MiFi sai an bi ta wata hanyar.

Yadda ake ganowa a kwamfuta

Windows na ajiye lissafin kwana 30 a `Data usage` da ke cikin `Network & internet`, kuma ana iya zaɓar Wi-Fi ɗin da ake son gani. Don kama abin yana cikin faruwa, a danna maɓallin Windows tare da R a rubuta:

```
resmon
```

A shafin `Network` akwai ginshiƙan `Send (B/sec)` da `Receive (B/sec)`. A rufe burauza da duk abin da ake aiki da shi, a jira minti biyu, a ga abin da ya rage yana motsi. Idan `OneDrive.exe` ne ke aikawa da yawa, ajiya ce. Idan `svchost.exe` ne ke karɓa da yawa, galibi sabuntawa ce, domin Windows kan tafiyar da ayyukansa na ciki da wannan suna. Ba ƙwayar cuta ba ce don kawai sunan baƙo ne, kuma bai kamata a kashe shi ba. A Mac ana ganin irin wannan a shafin `Network` na `Activity Monitor`, inda `cloudd` da `nsurlsessiond` kan fito idan iCloud na aiki.

Misali dalla-dalla

A ɗauka akwai shagon buga takardu mai MiFi ɗaya da aka zuba wa GB 20, kuma ta ƙare a kwana 4. Na'urori uku ke hawa kanta: kwamfutar shago mai Windows, wayar Android ta yaron shago, da iPhone na maigida.

Ana farawa da MiFi ɗin kanta. Adireshin shafinta yana rubuce a jikinta ko ƙarƙashin batir, sau da yawa `192.168.0.1` ko `192.168.8.1`. A can a duba adadin na'urorin da ke haɗe, don a tabbata ba maƙwabci ne ya samu kalmar sirri ba, sannan a duba jimillar saukewa da ta ɗorawa. A ce an ga saukewa GB 10, ɗorawa GB 10. Wannan kaɗai ya ishi mai bincike, domin a amfani na yau da kullum ɗorawa ƙaramin kaso ce ta saukewa. Idan sun yi kunnen doki, wani abu na tura manyan fayiloli waje.

Kwamfutar ta nuna GB 7.9: sabuntawar Windows 4.6, OneDrive 2.1, burauza 1.2. OneDrive ya shigo lissafin ne don yana kwafe duk abin da aka ajiye a `Desktop` da `Documents`, shagon kuma a nan yake zuba takardun da ya ɗauka da sikana. Wayar Android ta nuna GB 3.5 a kan Wi-Fi, ciki har da 1.4 na Play Store. Jimilla 11.4 ke nan, saura 8.6 sai a wajen iPhone, wanda ba ya ba da lissafi. Da aka buɗe `Photos` aka duba bayanin halin iCloud, sai ga bidiyon biki na minti 40 da aka ɗauka da 4K ya riga ya hau gajimare. Minti 40 sau MB 170 ya ba da GB 6.8. Da gudun 5 Mbps, awa uku kacal ya ɗauka, wayar tana caji a kan tebur.

Gyara

Maganin da ya fi tasiri shi ne a sanar da kowace na'ura cewa wannan Wi-Fi ɗin mai iyaka ne. A Windows ana buɗe `Properties` na Wi-Fi ɗin a kunna `Metered connection`. Daga nan sai ya jinkirta yawancin sabuntawa, OneDrive ma ya dakata. A Android ana shiga bayanan Wi-Fi ɗin a zaɓi `Treat as metered`, ko abin da ya yi kama da haka. A iPhone ana taɓa alamar da ke gefen sunan Wi-Fi ɗin a kunna `Low Data Mode`, wanda ya zo da iOS 13 a 2019, kuma yana dakatar da sabuntawa ta kai-tsaye da ɗora hotuna. Kowane Wi-Fi da nasa saitin. Idan aka canza sunan Hotspot, na'ura za ta ɗauke shi sabo, sai an sake yi.

Bayan wannan sai ƙananan gyare-gyare. A Play Store akwai `Auto-update apps` cikin `Network preferences`, inda ake hana manhajoji sabunta kansu. A WhatsApp, kashe `Include videos` da ke cikin `Chat backup` yana rage girman ajiya sosai. Idan kwamfutoci da yawa ne a wuri ɗaya, gara a bar saitin `Delivery Optimization` na Windows a kunne amma a taƙaita shi ga na'urorin cikin gida, ta yadda za su riƙa karɓar guntayen sabuntawa daga juna maimakon kowacce ta sauko da komai daga waje.

Iyakokin gyaran

`Metered connection` ba katanga ba ce. Windows zai iya sauko da sabuntawar da ya ga ta zama dole, kuma manhajoji da yawa da ba na Microsoft ba ba sa kula da saitin, kowacce sai an shiga nata. Hana WhatsApp data a bayan fage kuma yana iya jinkirta saƙonni har sai an buɗe shi.

Kuskure mafi tsada shi ne a kashe komai a manta. Kwamfutar da ta yi wata shida ba sabuntawa tana nan da ɓarakar tsaron da aka riga aka toshe wa wasu, wayar da ba ta da ajiya kuma in ta ɓace ta tafi da hotunanta. Abin da ya dace shi ne a mayar da aikin hannun mutum: a ware rana a wata, a hau Wi-Fi marar iyaka ko a sayi datar dare mai rahusa, a cire saitin iyaka, a bar sabuntawa da ajiya su gama, sannan a mayar da shi. Manyan bidiyo kuwa ana iya kwafe su ta igiyar USB zuwa kwamfuta ko filashi, wanda ba ya cin data ko kaɗan.