Taitireshin ɗin Finiga: Me Ya Sa Finolfitalin, Kuma Yaushe Ake Rufe Famfo?

A makaranta metil orenj muka saba sawa a taitireshin. Me ya sa da aka zo kan finiga malam ya ce sai finolfitalin?

Domin tsamin da ke cikin finiga, wato asetik asid, asid ne mai rauni, ita kuwa sodar da ake zuba masa, NaOH, mai ƙarfi ce. Idan suka gama cinye juna, gishirin da ya rage a ruwan, sodiyam asitet, yakan ja shi ya ɗan karkata ɓangaren soda. Shi ya sa daidaiton ba ya faɗowa a pH 7, sai wajen 8.7.

To, kowane indiketa yana da inda yake juya launi. Finolfitalin ba shi da launi a cikin asid, yana fara zama ruwan hoda ne daga pH 8.2 zuwa 10, daidai wurin da ɗigo ɗaya na soda ke sa pH ya yi tsalle. Metil orenj kuwa tsakanin 3.1 da 4.4 yake juyawa daga ja zuwa ruwan ɗorawa. Finigar da aka sirka tana farawa ne a wajen 2.9, saboda haka da ka fara zuba soda zai soma rikiɗa, sannu a hankali, ba tare da wani ɗigo da za ka nuna ka ce ga shi ba. Kafin a kashe kashi ɗaya cikin uku na asid ɗin ya riga ya gama juyawa. Wanda ya rufe famfo a nan zai ɗauka an yi wa finigarsa algus da ruwa, alhali indiketan ne bai dace ba.

Dole ne sai an sirka finigar?

Kusan dole ne. Ta kanti tana da asid kamar kashi 5 cikin 100, 25.0 cm³ nata kawai za ta sha fiye da 200 cm³ na soda mai ƙarfin 0.100 mol/dm³, alhali biret 50 cm³ kawai yake ɗauka. Ka ɗebi 25.0 cm³ da fifet, ka zuba a filas mai alamar 250 cm³, ka cike da tataccen ruwa. Daga wannan ne za ka riƙa ɗibar 25.0 cm³ a kowane zagaye ka zuba a wani filas, da ɗigo biyu ko uku na finolfitalin. Kuma ka nemi farar finiga. Mai duhu tana ɓoye launin.

Ruwan hodar yana fitowa ya ɓace. Wanne ne na gaskiya?

Tun da wuri za ka ga ɗan ja-ja ya bayyana inda sodar ta faɗa, ka kaɗa filas ya ɓace nan take. Wannan ba komai ba ne. Amma idan ka lura ya fara jinkirin ɓacewa, yana yawo a ruwan kafin ya tafi, to an zo kusa. Rage famfo ya koma ɗigo-ɗigo, hannu ɗaya a famfo, ɗaya yana kaɗawa, farar takarda a ƙarƙashin filas. Kurkure gefen filas da ɗan tataccen ruwa. Wannan ba ya canza yawan asid ɗin da ke ciki.

Inda za ka tsaya shi ne ruwan hoda mai haske ƙwarai, wanda sai ka dubi takardar sannan ka tabbatar da shi, ya game ruwan duka, ya kuma zauna kamar daƙiƙa 30. Idan ya yi jawur kamar zoɓo, ka wuce gona da iri, sai a sake. Ɗalibai suna son launi mai kauri don ya fi gamsar da ido, amma ni a wurina lambar da aka samu da shi ta kwandon shara ce.

Bayan 'yan mintoci hasken zai iya dusashewa. Iskar CO₂ ce ta narke a ruwan ta ɗan ƙara masa tsami, kada ka ƙara soda.

Ya ake lissafin?

Zagayen farko na gwaji ne. Maimaita har ka sami biyu da bambancinsu bai wuce 0.10 cm³ ba. A ce matsakaicinsu 20.80 cm³ ne.

```
CH3COOH + NaOH → CH3COONa + H2O
0.100 × 20.80/1000 = 0.00208 mol
0.00208 ÷ 0.0250 = 0.0832 mol/dm³
0.0832 × 10 × 60 = 49.9 g/dm³
```

Mol ɗaya na soda yana kashe mol ɗaya na asid. An ninka da 10 saboda sirkin da aka yi, 60 kuma nauyin mol ɗaya ne na asetik asid. Ya kama giram 5 ke nan a kowane 100 cm³, daidai da abin da ke jikin kwalba. Idan amsarka ta haura haka sosai, fara tuhumar sodar: wadda ta daɗe a buɗe ta sha CO₂ ta rage ƙarfi, dole a zuba fiye da kima kafin launi ya fito.