Famfon da ke hau da ruwa tudu ba lantarki, ba mai

An daɗe ana cewa irin wannan famfo, wanda ake kira famfon rago, yana samar da ƙarfi daga babu. Ba haka ba ne. Gangaren ruwa ne man da yake sha.

Ruwa na gudu cikin bututu, sai bawul ɗin zubarwa, wato ƙofar da ruwan ke zubewa ta cikinta, ya rufe kwatsam. Karon da ruwan ya yi shi ke tura kaɗan daga cikinsa ta bawul na biyu zuwa tukunyar iska, iskar da aka matse ta cilla shi tudu.

A gangaren mita 2, in za a kai mita 20, cikin lita 100 ko goma ba za su isa sama ba. Sauran zubewa suke yi. In iskar tukunya ta ƙare, bugun zai yi tsanani, ruwa ya ragu.