Jawabin bita kan saita waya ta yi aiki da kanta a ƙaramar sana'a

Wannan jawabi ne da ake gabatar wa matasan 'yan kasuwa a taron bita, domin koya musu yadda za su ɗora wa waya ayyukan da ake maimaitawa kullum, musamman amsa tambayoyin masu saye. Galibi misalan kan ta'allaƙa ne da manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a Janairun 2018 a wayoyin Android, sannan ta isa iPhone a 2019. Kundin nuna kaya ya biyo baya wajen ƙarshen 2019.

Abin da ake koyarwa

Mai jawabi kan fara da lissafi. A ce ɗan kasuwa yana amsa tambaya iri ɗaya sau 40 a rana, kamar farashi ko lambar asusu, kowace amsa tana cin minti ɗaya da rabi. Awa guda ke nan ta tafi. Idan ya adana amsar, daƙiƙa 10 ta isa a tura ta, jimilla ƙasa da minti 7.

Ana adana amsar ne a Quick replies, cikin sashen Business tools na manhajar. A rubuta saƙon, a ba shi gajeren suna kamar "asusu". Daga nan duk lokacin da aka danna alamar / a cikin hira, jerin amsoshin zai bayyana a zaɓa. Manhajar tana karɓar har guda 50, amma biyar ko shida da aka haddace sun fi amfani, domin lalube cikin dogon jeri yana cinye lokacin da ake son ragewa.

Akwai kuma wasu saƙonni biyu da ba sa jiran hannun mai waya. Greeting message yana zuwa ga wanda ya yi magana karon farko, ko wanda ya dawo bayan kwana 14 ba a yi hira ba. Away message kuwa ana iya tsara shi ya riƙa fita bayan an tashi daga aiki, kuma ya kamata ya faɗi ƙarfe nawa za a amsa.

Inda ake samun matsala

Saƙon da ke fita da kansa yana buƙatar wayar ta kasance da intanet. Idan data ta ƙare, mai saye ba zai ga komai ba. Farashi ma kan canja a bar tsohon a cikin amsar, sai an zo biya gardama ta tashi. Shi ya sa ake raba farashi da sauran bayani, a duba shi duk mako. Saƙon bai-ɗaya ta Broadcast yana isa ne kawai ga waɗanda suka adana lambar mai turawa, kuma alamar ✓ guda a jikin saƙon da ta ƙi zama biyu tana iya nuna hakan.

Saɓani

Wasu na ganin amsar da aka adana tana rage sabo da mai saye. Masu koyarwa kan bar ciniki da sauraron ƙorafi a hannun mutum.